Bulo Goma a Kowace Mita

Da Hammadu ya san abin da ke ƙarƙashin albishir ɗin nan, da bai sa an yanka zakara ba. Amma mutum ba ya ganin ƙeyarsa, kuma akwai labarin da ke shigowa gida da fara'a alhali wuƙa ce a hannunsa.

Hammadu birkila ne tun yana saurayi. Ya daɗe yana ɗora bulo a gidajen mutane a Birnin Kebbi, daga Badariya inda yake zaune har Nasarawa, kafin ya yi wa ɗan kamfaninsa rajista ya fara karɓar ƙananan ayyuka: katangar makaranta, kwalbati, shagunan haya. Bokonsa bai wuce aji uku na sakandare ba, amma idan ya tsaya gaban fili ya dube shi, zai gaya maka bulo nawa zai ci, kuma da wuya ya kuskure.

A ƙarshen damina wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu ta samu tallafi don gina babban sito na ajiyar amfanin gona, aka yi shelar neman 'yan kwangila. Hammadu ya ga wannan ce damar da ya daɗe yana jira. Sai dai masu tallafin sun sa sharaɗi: duk mai nema ya ajiye naira miliyan ɗaya ta hannun banki a matsayin lamuni. Wanda bai ci ba za a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya ci kuma ya noƙe, kuɗin sun tafi.

Ba shi da miliyan ɗaya. Abin da yake da shi ita ce fadamar da mahaifinsa ya bari a bakin gulbi, a bayan Argungu, wadda daga cikinta ake ciyar da tsohuwarsa Inno, ake kuma kawo masa buhunan da ke riƙe gidansa. Ya jinginar da ita ga taubashinsa Tamba ya karɓi miliyan ɗayan, gaban shaidu, a kan cewa in bai fanshe ta ba kafin a fara dashen rani, Tamba zai yi ciko ta zama tasa.

Aka ba shi kundin ƙididdigar aikin, mai kauri kamar littafin makaranta. An zayyana kowane aiki layi-layi, an rubuta yawansa da ma'auninsa, an bar masa gurbi biyu: farashi da jimla. Ya zauna a zaure ya cika da biro, da ɗan kalkuleta na wayarsa. 'Yarsa ta fari, Rauda, wadda ta gama karatun ƙididdigar gini a kwalejin fasaha tana zaune gida babu aiki, ta leƙo ta ce ya bari ta duba masa.

Ya yi dariya ya ce, "Tun ba a haife ki ba nike lissafin bulo. Je ki taya uwarki aiki."

Ranar buɗe takardu ya je Argungu, aka karanta kuɗin kowa a bainar jama'a. Su biyar ne. Nasa miliyan arba'in da shida da dubu ɗari uku, shi ne na uku. Ya dawo gida jiki a sanyaye, amma ya rarrashi kansa da cewa kuɗin lamuni za su dawo, ya fanshi fadama, a tashi ba kare bin damo.

Sai ga waya wata Talata da hantsi. Sakataren ƙungiyar ne. Ya ce an gama duba lissafi, an gyara, kuma kamfanin Hammadu ne ya zo na ɗaya. Ya ce Hammadu ya zo ranar Alhamis ya sa hannu a kan ya amince da gyaran.

Hammadu ya shigo gida yana kabbara. Matarsa Ummu Hani ta yi guɗa, maƙwabta suka leƙo, aka kama zakaran nan ja aka yanka. Rauda kaɗai ta tsaya bakin ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu, tana jiran hayaniya ta lafa.

"Baba, na uku fa kac ce ka zo."

"Na uku, Allah ya maishe ni na ɗaya. Ko kina da ja?"

"Ba ni ja da ikon Allah. Amma gyara mi anka yi? In gyara ya kai mutum gaba, kuɗinshi ne sunka ragu. Nawa sunka ce sun koma?"

Sai a lokacin Hammadu ya tuna bai tambaya ba. Ya yi tsaki, ya ce ai ƙila 'yan dubbai ne. Amma ya shiga ɗaki ya ɗauko kwafin kundin da ya yi hoto kafin ya miƙa, ya ajiye mata a kan tabarma ba tare da ya dube ta ba.

Babu wuta a unguwar, batirin kwamfutarta kuma ya daɗe da lalacewa. Suka hau keke mai ƙafa uku zuwa wani shagon buga takardu a Nasarawa inda ake tada janareta. Mai shagon ya ba su kujeru biyu a lungu, kusa da injin hoto mai fitar da zafi.

Rauda ta buɗe shafi mai layuka da gidaje kamar saƙar tabarma. A sama ta rubuta kan kowane gida: lambar aiki, bayani, yawa, ma'auni, farashi, sai jimlar da Baba ya rubuta. Ta ƙara gida biyu nata. Na farko ta ce a nan kwamfuta za ta riƙa ninka yawa da farashi da kanta. Na biyu kuma zai nuna bambanci tsakanin abin da kwamfuta ta samu da abin da ya rubuta da biro.

"In lissafinka daidai ne, sifiri za ka gani. In ba daidai ba, gidan zai yi ja."

"Sifiri za ki gani har ƙasa," in ji shi.

Ya riƙe kundin yana karanto mata, tana bugawa. Share fili. Haƙan tushe, da mita mai aunin zurfi da faɗi da tsawo. Kankare. Rodi, da kilo. Inda aka ware dunƙulen kuɗi don jawo wutar lantarki, babu yawa babu farashi, ta shigar da kuɗin kai tsaye. Duk shafin da suka gama sai ta sa kwamfuta ta tara shi, ta gwada da jimlar da ya rubuta a gindin shafin, sannan ta duba ko ita ce ya kwashe zuwa shafin tattarawa. Sifiri, sifiri, sifiri. A wani wuri ya juya lambobi biyu wajen kwashewa, bambancin bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba. Ya yi murmushi ya gyara zama.

"Kin gani ko? Shi ne gyaran nasu."

Ta ce ya buɗe shafin ginin bulo.

Ya karanta: bulo mai inci tara, yawa ɗari takwas da ashirin, farashi naira ɗari tara da hamsin, jimla miliyan bakwai da dubu ɗari bakwai da casa'in. Tana gama bugawa gidan ƙarshe ya yi ja.

"Kin buga ba daidai ba."

Ta sake dubawa. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "Ɗari takwas da ashirin sau ɗari tara da hamsin, dubu ɗari bakwai da saba'in da tara ne, Baba. Kai kuma miliyan bakwai ka rubuta."

"To ai ba bulo ɗari takwas ba ne! Wane sito za a gina da bulo ɗari takwas? Mita ce. Kowace mita ta bango tana cin bulo goma, ko yaron birkila ya san wanga. Bulo dubu takwas da ɗari biyu ke nan. Kowane ɗaya, da sayenshi da kwaɓi da ɗori, ɗari tara da hamsin. Lissafa ki gani."

Ta lissafa. Daidai da abin da ya rubuta, ko kwabo bai kauce ba.

"Jimlarka gaskiya ce," ta ce a hankali. "Amma dubi gidan ma'auni. Mita sunka rubuta, ba ƙwaya ba. Farashin mita ɗaya sunka tambaye ka. Dubu tara da ɗari biyar ya kamata ka sa. Kai kuma ka sa farashin bulo ɗaya, goman tana cikin kanka, ba ta bisa takarda."

"To ai jimlar tana nan, suna gani."

Rauda ta karɓi kundin ta koma shafukan farko, waɗanda ke cike da ƙananan rubutu na Turanci, waɗanda Hammadu ya tsallake don ya ɗauka gaisuwar lauyoyi ce. Ta sa yatsa a wani sakin layi ta fassara masa. Idan aka samu saɓani tsakanin farashi da jimla, farashi ne ake bi, a gyara jimla. Wanda ya ƙi amincewa da gyara, a fitar da shi, kuma ana iya riƙe kuɗin lamuninsa.

Janareta na ta ruri a waje. Wani yana jayayya da mai shago a kan kuɗin hoton fasfo. Hammadu ya ji duk sun yi masa nisa.

"Karanto na gaba, Baba."

Ya karanto. Bulo mai inci shida, mita ɗari biyu da arba'in, farashi ɗari bakwai da hamsin, jimla miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da tamanin. Ja. Kwamfuta ta ce dubu ɗari da tamanin. Rauda ta raba jimlarsa da ta kwamfuta, ta ɗago kai.

"Nan sha ɗaya ka sa, ba goma ba."

"Mai inci shida ba ya jure hanya," ya ce kamar mai magana cikin barci. "Kowane goma sai ɗaya ya fashe wajen saukewa. Haka nike lissafa shi kullum."

Suka ƙarasa sauran shafukan: katako, kwanon rufi, filasta, ƙofofi, fenti. Duk sifiri. Ta haɗa shafin taƙaitawa, ta ɗora harajin gwamnati na kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Layuka biyun nan sun zaftare miliyan takwas da dubu ɗari takwas da sha ɗaya, harajin da ke kansu ya bi su. Kuɗin aikin ya faɗo daga miliyan arba'in da shida zuwa talatin da shida da dubu ɗari takwas da 'yan kai. Wanda ya zo na ɗaya ranar buɗewa miliyan arba'in da uku ya nema. Ga yadda na uku ya zama na ɗaya.

Duk ribar da Hammadu ya yi fata a aikin ba ta wuce miliyan huɗu ba. In ya sa hannu, zai gina bangon sito kusan kyauta, ya cinye ribar, ya nemo wasu miliyoyin daga inda babu. In ya ƙi, miliyan ɗayan Tamba ta tafi, fadama ta bi ta.

Da suka koma gida an gama miyar zakara. Ummu Hani ta kawo masa da tuwon shinkafa, ya kai loma biyu ya ture kwanon. Ta dubi 'yarta, 'yar ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi bayani, amma gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa a maƙwabta.

Bayan la'asar Rauda ta same shi a zaure da kundin a hannu. Ta ce akwai wani ɗan layi da ba ta karanta masa ba, don ba ta so ta sa masa rai. An ce ana bin farashi, sai fa in masu aikin sun ga a fili cewa ɗigon lamba ne ya goce, kamar mutum ya so rubuta dubu tara da ɗari biyar ya rubuta ɗari tara da hamsin. A nan sai a bar jimla yadda take, a gyara farashin.

Hammadu ya miƙe zaune. "To ai shi ke nan! Goma ce cif. Sifiri ɗaya ya faɗi. Sai in ce hannuna ya goce."

"Na inci tara zai yi kama da haka. Na inci shida fa? Sha ɗaya ba ta kama da gocewar ɗigo. Duk wanda ya ga layin nan ya san yadda anka yi na samanshi."

"Wa zai tsaya raba wanga da wancan?"

"Wanda ya duba, Baba. Irin aikin da na yi shi ma ya yi."

Bulo ɗaya da Hammadu ke ƙarawa don kada ya cuci kansa, shi ne yau ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ranar Alhamis da sassafe suka shiga mota a tasha zuwa Argungu. Hanya duk shinkafa ce ta nuna, wasu sun fara yanka, ruwa ya fara janyewa daga fadamu yana barin laka mai sheƙi. Da can idan Hammadu ya bi hanyar nan yakan riƙa nuna wa na kusa da shi gonakin mutanen da ya sani. Yau bai buɗe baki ba.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne a bayan wani injin casar shinkafa, ƙaiƙayi har kan tebur. A ɗaki na biyu suka sami Malam Sunusi, mai ƙididdigar gini da masu tallafi suka ɗauka ya duba takardun 'yan kwangila. Dattijo ne siriri mai tabarau, da alamar mura a muryarsa. Suka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, sannan ya juyo da kwamfutarsa. Hammadu ya ga irin shafin Rauda sak, da gidaje biyu ja a wuri ɗaya.

Rauda ta miƙa masa nata da ta buga a takarda. Ya bi shi da biro har ƙasa, ya gwada da nasa, ya gyaɗa kai.

"Ɗiyarka ce? Lissafinmu ɗaya har kwabo. Malam Hammadu, kana da wagga a gida, kab bari takarda ta fito ba ta gani ba?"

Hammadu ya ji maganar kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Ƙaddara ce, ranka ya daɗe."

"Haka ne. To ga takardar amincewa. In ka sa hannu, aiki naka ne a miliyan talatin da shida da ɗoriya. Amma ni ban ɓoye ma ba, na rubuta a rahotona cewa kuɗin nan ba su gina sito. Na ga masu sa hannu a irin wanga. Su kai gini linta su tsaya, ko su riƙa buga bulo ɗari da buhun siminti guda. Shekara biyu bango ya tsage bisa shinkafar mutane."

"Ni ban taɓa gina abin da ya faɗi ba."

"Shi ya sa nike gaya ma."

Hammadu ya ji maganar da ya kwana yana juyawa ta taso masa. "Ranka ya daɗe, an ce in ɗigo ne ya goce..."

Malam Sunusi ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Bai yi fushi ba, bai kuma yi murmushi ba. "An ce haka. Ɗigo ne ya goce?"

Injin casa ya tsaya a daidai lokacin. Hammadu ya dubi Rauda. Ba ta dube shi ba, idonta na kan takardar, a kan layin inci shida. Ya tuna ita ce zai nema wa aiki wata rana a hannun irin wannan mutumin, kuma da sunansa za a san ta.

"Ba ɗigo ba ne," ya ce. "Farashin ƙwaya na sa. Haka mu ke yi da masu gida, bulo kaza a kaza. Ban taɓa sayar da bango da mita ba."

"Na sani. Tun da na ga sha ɗaya na san birkila ne ya cika ta, ba ɗan ofis ba." Ya mayar da tabarau. "Ba ni da ikon canza ma farashi bayan an buɗe takardu. In na yi ma, sauran huɗun suna da hakkin su kai ƙara, kuma da gaskiyarsu. Abin da ya rage, ka rubuta cewa ba ka amince da gyara ba, ka faɗi dalili yadda ka faɗa min, ka roƙi kwamiti ya sakar ma lamuni. Takarda ta ce ana iya riƙewa, ba ta ce dole ba. Amma ba ni ke yankewa ba. Akwai shugabannin ƙungiya, akwai wakilin masu tallafi, shi kuma mutum ne mai bin layi. Ni zan faɗi abin da na gani, cewa kuskure ne ba wayo ba."

"Yaushe za su zauna?"

"Sun ce bayan an gama yankan shinkafa. Manoma ne, ka san ba ka samunsu yanzu."

Bayan yanka kuma dashen rani ne.

Rauda ta rubuta wasiƙar a nan kan teburin, ta karanta masa da Hausa, ya ce ta cire inda ta sa cewa an yi gaggawa wajen cikawa, don ba a yi gaggawa ba, da natsuwarsa ya cika. Ta cire. Ya sa hannu. Takardar amincewa kuwa ya tura ta gefe da yatsa ɗaya, kamar abin da zai ƙone shi. Aikin da aka yanka wa zakara ya tafi ke nan.

Daga nan suka hau kabu-kabu zuwa gidan Inno. Tsohuwar na zaune a inuwar rumbu tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Ta ga jikarta ta washe baki.

"A'a, 'yar boko! Yau an tuna da mu? Ina tsarabata, ko ke ma rowa kika koyo a makaranta?"

"Ke da ke da rumbu, Inno, mi za ki yi da tsarabar marar aiki?"

Suka yi dariya, amma idon tsohuwa na kan ɗanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta ci gaba da tsintar tsakuwa.

"An ce ka ci kwangila."

"Ban ci ba, Inno."

"To Allah ya sa haka ya fi alheri. Sai ka karɓo kuɗin mutane ka kai musu. Na ga Tamba yana kai da kawowa wajen gulbi, ban so ba."

Yaya zai gaya wa matar da ta yi dashe a fadamar nan da cikinsa cewa gida ɗaya a takarda, mai faɗin ɗan yatsa, yana neman cinye gonar? Ya ce kawai akwai 'yar matsala, ana dubawa. Inno ta ɗago ta dube shi.

"Ubanka bai bar muku komi ba sai ita," ta ce. Ta mayar da kai kan faifai.

Da rana ta yi sanyi ya bar Rauda wajen kakarta ya taka zuwa fadama shi kaɗai. An riga an yanke shinkafar damina, sai kututture da laka. A kusurwar gabas, inda mahaifinsa ke ɗaure jaki, ya ga an kafa sabon bututun ban ruwa, an kuma share wuri don zuba iri. Tamba na tsaye a kai, wando naɗe har gwiwa.

"Kai, bawana ɗan kwangila!" Tamba ya ɗaga murya da wasan da suka saba tun suna yara. "An ce ka zama Alhaji. Ina motar? Ko ka ɓoye ta don kar in roƙi ɗani?"

"Kai dai ba ka da kunya. Gonar ubangidanka kake huda wa ciki tun ba a ba ka ba?"

"Ina gyara ma ne. In ka kawo kuɗina, sai ka biya ni bututu."

Suka yi dariya, amma ta mutu da wuri. Hammadu ya gaya masa komai, a taƙaice. Tamba ya saurara yana murza laka a tafin hannu.

"Wallahi ban ji daɗi ba," ya ce. "Amma ka san kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na sayar da shanu biyu, ɗaya na ƙanena ne. In iri ya isa dashe ban ga kuɗi ba, ba ni iya hana shi. Ba ni son gonarka, Hammadu. Amma magana gaban shaidu anka yi ta."

"Na sani. Ban zo roƙo ba."

"Iri yana ɗaukar kamar wata guda kafin ya isa cira. Ban zuba ba tukuna. Zan ɗan jinkirta, iyakar abin da zan iya ke nan."

Hammadu ya yi godiya. Ya tsaya yana kallon filin. Ba da niyya ba, idonsa ya fara auna shi, tsawo da faɗi, yadda yake yi wa kowane fili, kansa ya fara ninkawa. Ya kama kansa ya daina.

A motar komawa Rauda ta zauna kusa da shi, kwamfutar a kan cinyarta cikin jaka. Sun wuce rabin hanya kafin ya yi magana, bai juyo ba.

"Da na ba ki tun farko, da kin gani?"

"Da na gani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya so ta ce ƙila. Can kuma ya ce, in Allah ya sa akwai wani aiki nan gaba, ita za ta riƙa cikawa, shi ya riƙa faɗa mata bulo nawa. Ta ce to. Babu wanda ya ambaci cewa neman wani aikin ma sai da abin jinginarwa.

An gama yankan shinkafa a yawancin gonaki yanzu. Hammadu ya koma ɗora bulo a wani gida a Badariya, ana biyansa da ƙwaya kamar da. Wayarsa na aljihun gaba, duk ƙarar da ta yi sai ya ajiye cokalin gini ya goge hannu da sauri. Ya kira sakatare, an ce wakilin masu tallafi ya yi tafiya. Tamba ya aiko cewa ya zuba iri.

Har yau kwamiti bai zauna ba. Ba a san ko za su sakar masa lamunin ba, ba a kuma san ko za su zauna kafin irin Tamba ya isa dashe ba.